Hannun Gem Ya Ƙi Caji: Kebul ne, Baki ne, ko Batir?

Wani dare a watan Afrilu ƙanina, mai ɗan gidan gem a unguwarmu, ya kira ni murya na rawa. An ɗauke wuta ana tsakiyar wasan ƙwallo a PS4, da ya tayar da janareta sai na'urar ta ƙi shiga inda ta saba. Ta tsaya a baƙin allon nan na Safe Mode, tana cewa a jona hannu da kebul a danna maɓallin PS. Ya jona na farko, fitilarsa ta kawo ruwan lemo, ya danna, shiru. Ya gwada na biyu da na uku da na huɗu, duk haka.

"Yaya, wutar nan ta ƙone min hannuwa huɗu lokaci guda," in ji shi.

Na tambaye shi inda ya samo kebul ɗin da yake gwaji da shi. Ya ce na fawa bank ɗinsa ne, ɗan gajeren nan da ke zuwa a cikin kwali, kuma da shi yake cajin hannuwan wata da watanni ba matsala. Nan na gane babu abin da ya ƙone.

Idan ka yanka cikakken kebul na USB irin na da, za ka tarar da siraran wayoyi huɗu. Ja da baƙa su ne na wuta, suna ɗauke da bolt 5. Fara da koriya su ne na magana, ta cikinsu na'ura da hannu suke gaisawa, kowa ya san ɗan'uwansa. Masu ƙera fitilar caji da ƙaramar sifika da fawa bank ba sa buƙatar wannan magana, wuta kawai suke so ta wuce, don haka da yawansu sukan saka wayoyi biyu su bar biyu domin rage kuɗin tagulla. Daga waje ba za ka bambance su ba: kai iri ɗaya, roba iri ɗaya, kuma yana shiga bakin hannun daram.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne irin wannan kebul yana iya yi maka aiki shekara guda ba ka san gurgu ne ba. Hannun PS4, wanda Sony ta sa wa suna DualShock 4 ta fitar a 2013, yana magana da na'urarsa ta bulutut da zarar an haɗa su sau ɗaya. Daga nan caji kawai yake nema a wurin kebul. Sai ranar da ka sayo sabon hannu, ko ka kai naka gidan aboki ya haɗu da tasa na'urar ya manta taka, ko na'urar ta faɗa Safe Mode inda bulutut ba ya aiki, sannan ake neman fara da koriya. Fitilar ruwan lemo da ke kawowa tana ɗaukewa a hankali tana shaida abu ɗaya ne kawai, cewa wuta na shiga. Ba ta ce komai ba game da magana.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A samu wayar hannu mai baki irin na hannun, a jona ta da kwamfuta da kebul ɗin da ake zargi. Idan kwamfutar ta ga wayar, ko wayar ta tambaya ko za a tura hotuna da fayiloli, kebul ɗin cikakke ne. Idan alamar caji kawai ta fito, to na wuta ne zalla, ko kuma wayoyin maganarsa sun tsinke a ciki, wanda sakamakonsa ɗaya ne. A daren nan ƙanina ya aro kebul ɗin wata tsohuwar waya a wurin maƙwabcinsa, irin wanda kamfani ya sako tare da wayar. Dannawa ɗaya hannun farko ya amsa. Shawarar da na ba shi washegari ita ce ya ɗaura wa wannan kebul jan zare, ya rataye shi a bayan talabijin, kada ya bari kowa ya yi cajin waya da shi.

Masu PS3, waɗanda har yanzu suna da yawa a gidajen gem ɗinmu, tasu ta fi tsanani. Hannunta, DualShock 3, ba ya yarda ya fara shan caji sai ya ji magana daga ɗaya ɓangaren. Shi ya sa za ka jona shi da kan cajar waya a bango ya kwana, gari ya waye bai ɗauki komai ba, amma ka mayar da shi jikin na'urar ko kwamfuta da cikakken kebul ya kama nan take. Na ga hannuwa masu lafiya da aka jefa a kwalin shara saboda wannan kaɗai, kuma abin yana ba ni takaici, domin mai gidan gem da hannuwan nan yake ciyar da iyalinsa.

Akwai kuma kebul mai wayoyi huɗu cif amma sirara kamar gashi, ga tsawo mita uku don mai wasa ya zauna nesa da talabijin. Wuta tana raguwa a hanya gwargwadon tsawo da sirantar waya. A bayan DualShock 4 an rubuta 5V da 800mA, wato abin da yake iya ja ke nan. Idan kebul ɗin ya cinye wani kaso kafin wutar ta iso, sai ka ga ana wasa hannu na jone amma batir bai ƙaru ba. Gajeren kebul mai kauri yakan warware wannan.

Kafin a taɓa sukurdireba, a leƙa saitin na'urar. PS4 ba ta ba da wuta ta bakunanta idan an kashe ta gaba ɗaya. Sai tana kunne, ko tana yanayin hutu, kuma a hutun ma sai an ba ta izini: a shiga Settings, sai Power Save Settings, sai Set Features Available in Rest Mode, a duba Supply Power to USB Ports. Idan yana kan Off, hannun zai kwana jone bai sha komai ba.

Na biyu a jerin waɗanda ake zargi shi ne bakin cajin. Alamarsa a fili take: caji yana zuwa yana ɗaukewa idan ka motsa kan kebul, ko sai ka tokare shi ta gefe guda kafin fitila ta kawo. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a ciki su hana kebul shiga har ƙarshe, kuma tsinken sakace na itace ya isa ya fito da su, a hankali, ban da allura ko wani ƙarfe. Idan bakin ne ya saki saboda yara suna fizgar kebul ana wasa, a hannun PS4 yana zaune ne a kan ɗan ƙaramin faranti nasa daban, wanda siririn kebul mai faɗi ya haɗa da babban farantin. Mai gyara zai iya canza ƙaramin kawai. Wani lokaci ma siririn kebul ɗin ne ya zame daga mazauninsa bayan hannun ya faɗi ƙasa.

Sai an wanke waɗannan biyun ake waiwayar batir. Na DualShock 4 lithiyom ne mai ɗaukar 1000 mAh, na hannun PS5, DualSense, wanda ya fito a 2020, yana ɗaukar 1560 mAh. Batirin lithiyom ba ya mutuwa rana ɗaya. Duk cikawa da ƙarewa tana rage masa wani abu kaɗan, kuma bayan ɗaruruwan zagaye ragin yakan fito fili. Hannun gida da ake ɗauka a ƙarshen mako zai daɗe kafin ya kai nan. Na gidan gem, da ake cikawa sau biyu a rana, a shekara ɗaya ya haura zagaye 700.

Alamar farko ita ce wadda mutane suka fi yi wa mummunar fahimta, har suna murna da ita: hannun ya fara cika da wuri. Ka ɗauki randar da laka ta taru a gindinta har rabi. Bokiti biyu sun cika ta maimakon huɗu, amma kafin azahar ruwan ya ƙare. Sabon DualShock 4 da ya ƙare tas yana ɗaukar kimanin awa biyu kafin ya cika. Ɗaya daga cikin hannuwan ƙanina, da muka sa masa agogo da kebul mai kyau, fitilarsa ta mutu alamar ya cika cikin minti 40, kuma bai kai awa ɗaya da rabi ana wasa ba ya ɗauke. Wannan ba laifin kebul ba ne. Kebul marar kyau yana jinkirta cikawa ne, ba ya gaggauta ta. Wannan bambancin shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe a hannu idan ya tsaya gaban mai gyara.

Alama ta biyu ita ce ɗaukewa farat ɗaya alhali allo yana nuna saura layi biyu cikin uku. Tsohon batir yana iya nuna ƙarfi idan ba a nemi komai a wurinsa ba, amma da zarar an ja wuta da yawa lokaci guda sai ƙarfin ya zube. A cikin hannun akwai ƙananan injina biyu masu sa shi jijjiga, kuma su ne masu jan wuta da ƙarfi. Saboda haka idan hannu yana mutuwa daidai lokacin da aka yi karo a wasan mota ko aka buga ƙwallo ta daki turke, a kashe jijjigar a saiti a sake gwadawa. Idan ya daina mutuwa, batir ya tsufa. Idan abin ya yi nisa, sai ya zama hannun ba ya aiki sai yana jone, ana zare kebul ya mutu.

Alama ta uku ba ta jiran gwaji. Idan bayan hannun ya ɗago, ko tsagar da ke tsakanin murafunsa biyu ta buɗe, ko ya yi zafin da bai saba ba yayin caji, batir ya kumbura da iskar da ke taruwa a cikinsa. A daina cajinsa daga wannan lokacin. Kada a huda shi, kada a danne shi don murfi ya rufu, kada kuma a jefa shi cikin sharar da za a cinna wa wuta, domin yana iya kamawa da ƙarfi.

Zafinmu yana gaggauta duk wannan. Batirin lithiyom ya fi saurin lalacewa idan yana cike maƙil kuma yana cikin zafi, wato daidai halin hannun da aka bari jone dare da rana a kan na'ura mai huci, a shagon kwano, a watan da zafi ke haura digiri 40. Ajiye shi a ƙare tas na tsawon watanni ma yana kashe shi, har ya ƙi karɓar caji daga baya. Wanda zai yi tafiya ya bar shi da kamar rabin caji, a inuwa.

Idan ta tabbata sai an canza batirin, a tafi kasuwa da hannun kansa. DualShock 4 iri biyu ne: na farko, mai lamba CUH-ZCT1 a takardar bayansa, da wanda ya fito a 2016 mai lamba CUH-ZCT2, wanda ake ganin siririn layin haske a saman farantin taɓawarsa. Kan da batir yake shiga da shi ba girmansu ɗaya ba, na sabon ya fi ƙanƙanta. Ƙanina ya canza wa hannu ɗaya batir a cikin huɗun nan. Sauran ukun suna nan da batiransu na asali.