Shanu goma aka auna, ba shanun yanki duka ba

A wata rugga arewa da Dakoro na yi kuskuren da har yau nake tunawa. Mun ɗebi jinin shanu 10 don neman bakkale, cutar nan mai sa saniya ɓari in ciki ya tsufa, wadda ke kama mutum ta ɗanyar madara. Da sakamako ya fito, ba a samu cutar a ko ɗaya ba. Na faɗa wa shugaban ƙungiya haka a gurguje, na hau babur. Kafin ranar kasuwa, magana ta zama "likita ya ce babu bakkale a yankinmu". Wasu gidaje har sun daina tafasa madara.

Da na koma, sai na nemi ƙwarya da wake. Na zuba farin wake 90 da ja 10, na cakuɗa. Na ce jan waken su ne shanu masu cutar, wato ɗaya cikin goma. Kowa ya rufe ido ya ɗebi ƙwaya 10, mu duba, ya mayar. Wasu sun ciro ja ɗaya, wasu biyu, amma da yawa hannunsu fari tas. Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Likita, ai jan yana ciki, da idona na ga ka zuba."

Abin da ya faru da jininmu ke nan. In saniya ɗaya cikin goma ke da cutar, wanda ya auna 10 zai iya tashi hannu wofi kusan sau ɗaya cikin uku. In ya auna 30, hakan ba ya kai sau 5 cikin 100. In kuwa cutar ta fi ƙaranci, a ce ɗaya cikin ashirin, sai an auna wajen 60 kafin a samu irin wannan natsuwa. Iyakar abin da shanu goman nan suka nuna shi ne cutar ba ta game yawancin garken ba.

Akwai kuma abin da wake bai nuna ba, wanda ya fi damuna. Ni na cakuɗa ƙwarya, amma ban cakuɗa shanu ba. Duka goman na mutum ɗaya ne, rijiya ɗaya suke sha, kuma masu sauƙin kamu aka kawo mini. Saniyar da ta yi ɓari da damina tana daji, ba wanda ya ambace ta, ni ma ban tambaya ba. Ko da 60 na auna daga wannan garke, labarin garke ɗaya zan samu.

Yanzu in an ce muku "an yi bincike", ku tambaya dabba nawa aka auna, daga garke nawa, kuma wa ya zaɓe su. Mu dai mun sake ɗibar jini daga rugga shida, ta hanyar ƙuri'a, muka kuma roƙi mata su ci gaba da tafasa madara ko me sakamakon ya ce.