Abin da Awon TSH da T4 Ke Faɗa Game da Lafiyar Tayirod

Tayirod wata ƙaramar tsoka ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Tana amfani da aidin da ake samu a abinci ta haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci da ƙona kitse. Mafi yawan abin da take zubawa a jini T4 ne, sai hanta da sauran gaɓoɓi su mayar da shi T3, wanda ya fi ƙarfi.

Sai dai tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe, haifotalamas, da ke sakin sinadarin TRH. Wannan ke zaburar da fituwitari, wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, ta saki TSH cikin jini, shi kuma TSH ya umarci tayirod ta ƙara aiki. Idan T4 da T3 suka wadata, su da kansu ke komawa su danne haifotalamas da fituwitari, sai TSH ya ragu. Idan suka yi ƙaranci, dannewar ta sassauta, sai ya hau. Tamkar firiji ne, wanda injinsa ke tsayawa idan sanyi ya kai, ya tashi idan ciki ya fara ɗumi.

Wannan ne ya sa TSH ke tafiya akasin aikin tayirod, abin da ke rikita masu karanta takardar awo. A yawancin ɗakunan gwaji, lafiyayyen TSH na baligi yana tsakanin kusan 0.4 da 4.0 mIU/L. Wanda ya ga nasa ya kai 25 zai iya zaton tayirod ɗinsa ta wuce gona da iri, alhali kasawa ta yi, fituwitari ke ta matsa mata. Irin wannan mutum yakan ji kasala da yawan jin sanyi, hanjinsa ya ɗaure, jikinsa ya ƙaru ba tare da ya ƙara cin abinci ba. Sababin yakan zama ƙarancin aidin, ko cutar Hashimoto, inda garkuwar jiki ke lalata tayirod a hankali. TSH kuwa ba umarni kaɗai yake bayarwa ba, yana sa tsokar ta girma. Daga nan maƙoƙo ke fitowa a yankunan da ƙasa da ruwa ba su da aidin, kuma shi ya sa ake zuba aidin a gishiri. Baligi na buƙatar kusan maikirogiram 150 a rana, mai ciki kuwa 250.

A cutar Graves lamarin juyewa yake. Garkuwar jiki na ƙera wani abu da ke kwaikwayon TSH, ya yi ta tura tayirod. T4 ya hau, fituwitari ta yi shiru, TSH ya faɗi kusan sifili, mutum ya riƙa ramewa duk da yawan ci, da gumi, da rawar hannu, da faɗuwar gaba.

Inda awo ya fi buƙatar natsuwa shi ne idan laifin na fituwitari ne. A ɗauki misalin macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba bayan shekara biyu, ga rauni kullum. An auna TSH an sami 1.5, adadin da a takarda ba shi da aibi. Amma T4 nata ya yi ƙasa sosai. Da fituwitari lafiya take, da ta ɗaga TSH nesa da haka. Zamansa a tsakiya shaida ce cewa ita ce ta kasa. Wannan ita ce cutar Sheehan, wadda likitan Birtaniya Harold Sheehan ya bayyana a 1937: zubar jinin ya hana fituwitari jini har wani sashenta ya mutu. Ana yawan cin karo da ita a inda mata ke haihuwa nesa da asibitin da zai iya ƙara musu jini, kuma likitan da ya tsaya ga TSH kaɗai zai sallami matar ya ce lafiya lau. A irin wannan hali ana duba sinadarin kotizol kafin a fara maganin tayirod, domin shi ma yakan yi ƙasa, kuma fara maganin ba tare da cike giɓinsa ba yana da haɗari.

Wannan tsarin ne kuma ake bi wajen daidaita magani. Mai shan ƙwayar lebotayiroksin saboda kasawar tayirod ana sake auna masa TSH bayan mako 6 zuwa 8 da canza adadi, domin T4 yana daɗewa a jini, fituwitari kuma ba ta saurin daidaituwa. Idan TSH na sama har yanzu, maganin bai isa ba ko ba a shansa yadda ya kamata. Idan ya faɗi ƙasa, ya yi yawa. Ga mai cutar fituwitari kuwa TSH ba ya nuna komai, da T4 ake auna adadin maganinsa.