Wa Ya Yi? Gyaran Jimlar da Ta Ɓoye Mai Aiki

"Ana sanar da jama'a cewa an yanke shawara daga ɓangaren kwamitin makaranta a kan cewa za a gudanar da aikin yin gyaran rufin azuzuwa uku waɗanda aka samu lalacewarsu sakamakon iska, kuma za a yi biyan kuɗin aikin ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai."

Irin wannan jimla ba baƙuwa ba ce ga duk mai karanta sanarwar ofis ko mai sauraren labarai. Kalmomi 44 ne a cikinta, duk na Hausa, amma babu uban da zai faɗa wa maƙwabcinsa zancen haka a ƙofar gida. Wanda ya karanta ta sau ɗaya da ƙyar zai iya gaya maka wanda zai fitar da kuɗi daga aljihunsa. Matsalar ba tsawon kawai ba ne. Jimlar ta ɓoye masu aikin, ta kuma naɗe ayyukan cikin kalmomin da ba su ƙara komai.

Asalin wannan salo a fassara yake. Turanci yana da hanyar juya jimla, ya kawo abin da aikin ya faɗa wa a gaba, ya sauya siffar aikatau, sannan ya jingina mai aikin a ƙarshe da wata 'yar kalma. Hausa ba ta da wannan gini. Abin da take da shi shi ne "an", da 'yan uwansa "aka", "ana", "ake", "akan", "za a" da "ba a". Waɗannan suna nufin wani mutum ko wasu mutane ne suka yi aikin, amma mai magana bai ambace su ba. To idan mai fassara ya ga jimlar Turanci mai ɗauke da mai aiki a ƙarshe, sai ya fara da "an", ya isa tsakiya ya ga akwai sunan da ya rage a hannunsa, sai ya liƙa shi da "daga ɓangaren" ko "ta hannun". Ya ce ba zai ambaci mai aikin ba, sannan ya ambace shi. Daga nan nauyin jimlar yake fitowa.

Wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure ko a Islamiyya ya san wannan ƙa'ida tun daga Ajurumiyya. Idan aka gina fi'ili ga majahuli, fa'ili yana fita daga jimlar baki ɗaya, na'ibinsa ya hau gurbinsa. Hausa ma haka ɗabi'arta take: ko dai ka faɗi mai aikin tun farko, ko ka bar shi gaba ɗaya.

Matakin farko na gyara shi ne a nemo kowane aiki da ke cikin jimlar, a tambaye shi: wa ya yi ka? A sanarwar nan akwai ayyuka biyar. Sanarwa, hukumar makaranta ce ke yin ta. Yanke shawara, kwamiti ne ya yi. Lalata rufi, iska ce. Biyan kuɗi, da alama ƙungiyar iyaye da malamai ce. Gyaran rufi kuwa, jimlar ba ta faɗi mai yin sa ba. Da zarar an jera su haka, an ga cewa uku daga cikin masu aikin suna nan a jimlar, an dai tura su baya ne. Sai a dawo da kowannensu gaban aikinsa: kwamiti ya yanke, iska ta lalata, ƙungiya za ta biya.

Mataki na biyu shi ne a ciro aikatau daga inda aka binne shi. Dubi "za a gudanar da aikin yin gyaran rufin". Ainihin aikin shi ne gyara, amma an mayar da shi suna, aka ɗora masa "yin", aka ɗora wa "yin" "aikin", aka ɗora wa "aikin" "gudanar da". Kalmomi huɗu suna dako, ɗaya ce kawai ke ɗauke da kaya. Haka "aka samu lalacewarsu sakamakon iska" ba ta wuce "iska ta lalata su" ba, kuma da yake rufi ne, Bahaushe yana da kalmar da ta fi dacewa: iska ta yaye shi. Haka nan "yi biyan kuɗi" ta koma "biya kuɗi". Waɗannan kalmomi, wato "gudanar da", "aiwatar da", "samu" da "yi" idan suna ya biyo su, su ne alamar da mai gyara zai riƙa farauta. Sau da yawa akwai aikatau mai ƙarfi a ɓoye bayansu.

Mataki na uku shi ne a zubar da shimfiɗar da ba ta da aiki. Takardar da aka liƙa a allon sanarwa ba ta bukatar ta ce "ana sanar da jama'a cewa", domin wurin da take ya riga ya faɗi haka. Sannan a raba jimlar inda zance ya rabu, tunda shawarar gyara magana ɗaya ce, biyan kuɗi wata magana ce daban. Ga abin da ya fito:

"Kwamitin makaranta ya yanke shawarar gyara rufin azuzuwa uku da iska ta yaye. Ƙungiyar iyaye da malamai ce za ta biya kuɗin aikin."

Kalmomi 23 ke nan, kusan rabin na farko, kuma babu labarin da ya salwanta. Amma a nan akwai wurin da mai gyara zai tsaya ya yi hattara. Jimlar farko ta ce za a biya kuɗin "ta hannun" ƙungiyar. Wannan yana iya nufin iyaye ne za su haɗa kuɗin, yana kuma iya nufin ƙaramar hukuma ce za ta bayar, ƙungiyar ta miƙa wa ɗan kwangila. Bambancin ba ƙarami ba ne ga uban da ke da 'ya'ya uku a makarantar. Tsohuwar jimlar ta bar ƙofa biyu a buɗe, sabuwar dole ta zaɓi ɗaya. Saboda haka kafin ka rubuta "ƙungiya ce za ta biya", sai ka koma ka tambayi wanda ya ba da sanarwar. Babban amfanin fito da mai aiki ke nan: yana tilasta wa marubuci ya san abin da yake faɗa. Babban haɗarinsa kuma shi ne marubuci ya cike gurbin da zato. Shi ya sa sabuwar jimlar ba ta ce "kafintoci za su gyara" ba, don ba a gaya mana ba.

A wajen masu koyar da rubutun Turanci, shawarar guje wa jimlar da ke ɓoye mai aiki tsohuwa ce. George Orwell ya sa ta cikin ƙa'idojin rubutu shida da ya jera a wata maƙalarsa ta 1946, kuma damuwarsa ita ce yadda 'yan siyasa ke amfani da harshe mai duhu su rufe ɓarna. Damuwar tana da tushe a wurinmu ma. "An yi kuskure wajen rabon taki." "An samu asarar rayuka." "Ba a biya albashi ba." Duk waɗannan daidai suke a nahawu, amma idan mai maganar ya san wanda ya yi kuskuren, ko shi da kansa ne, to "an" ta zama mafaka. Har akwai hanyar da ta fi wannan ɓoyewa: yaro ya ce "kwalba ta fashe" maimakon "na fasa kwalba", ma'aji ya ce "kuɗin sun ɓace". A nan ba a ma yarda akwai hannun mutum a ciki ba.

Duk da haka, wanda ya ɗauki alƙalami yana soke kowace "an" da ya gani zai ɓata Hausa fiye da yadda zai gyara ta. Akwai wuraren da ita ce daidai.

Na farko, idan ba a san mai aikin ba. "An sace babur a bakin kasuwa" ta faɗi iyakar abin da aka sani. "Ɓarawo ya sace babur" ba ta ƙara komai ba, domin ba mai sata sai ɓarawo. Ambaton wani suna kafin hujja ta tabbata kuwa ƙazafi ne, kuma ɗan jarida yana iya tsintar kansa a gaban alƙali a kansa.

Na biyu, idan mai aikin sananne ne ko ba shi ne abin zancen ba. "An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911." Labarin na wanda aka haifa ne, ba mai karatun da zai tsaya yana tambaya. Haka "an ga wata", "an ɗaura aure", "an kira salla". Idan tarihin wata makaranta kake bayarwa, kana iya cewa an buɗe ta a shekara kaza, an faɗaɗa ta daga baya, an mayar da ita ta kwana, idon mai karatu yana kan makarantar har ƙarshe. Da za ka cusa sunan ma'aikata a kowace jimla, da zaren ya tsinke.

Na uku, wurin umarni da koyarwa. Mai bayanin yadda ake kunu takan ce a jiƙa gero, a wanke, a kai niƙa, a tace. Mai aikin shi ne duk wanda ya karanta. Haka "ba a shiga" a jikin ƙofa ta shafi kowa ba tare da nuna yatsa ga kowa ba.

Na huɗu shi ne ladabi da kunya, kuma a nan Hausa ta yi nisa ƙwarai. Ƙarami yakan tarbi babba da "an dawo lafiya?" don kada ya ce masa "ka". Matar da ba ta faɗin sunan mijinta takan ce "ba a dawo ba tukuna". Shugaba mai hikima yakan ce "an bar fitila a kunne jiya" alhali ya san wanda ya bari, don ya gyara ba tare da ya kunyata ba. Wannan ba ɓoye laifi ba ne, tunda mai laifin da masu sauraro duk sun gane.

Akwai kuma lokacin da sakamakon aikin ne abin faɗa. Hausa tana da aikatau masu ƙarewa da wasalin "u", waɗanda F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai a rabe-raben da ya fitar a 1960: nama ya dafu, mota ta gyaru, rigima ta sasantu. Suna nuna aikin ya kammala sosai, ko kuma zai yiwu, kamar "wannan rediyon ba ya gyaruwa". Ba su neman mai aiki, kuma babu dalilin tilasta masu shi. In kuwa kana son abin da aikin ya shafa ya zo farko amma mai aikin ya bayyana, Hausa tana da hanyarta ba sai da "daga ɓangaren" ba: "Rufin nan, iska ce ta yaye shi."

Ma'aunin da zai raba maka waɗannan wurare tambayoyi biyu ne da za ka yi wa kowace "an" da ka rubuta. Shin na san wanda ya yi? Shin mai karatu yana bukatar sanin sa don ya yanke hukunci, ya biya kuɗi, ko ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa? In amsoshin biyu duka "i" ne, sa sunan mai aikin a farkon jimla, aikatau ya biyo shi kai tsaye. In ba ka sani ba alhali mai karatu yana bukata, aikinka bincike ne, ba gyaran jimla ba. In kuwa sanin ba zai amfane shi da komai ba, bar "an" a wurinta.