Tarihin Kamfani: Daga Jerin Shekaru Zuwa Labari

A yawancin kamfanoni, ranar da aka karɓi sababbin ma'aikata akan zaunar da su a ɗakin taro, a kunna majigi, a riƙa haska musu shafuka ɗaya bayan ɗaya: shekara kaza an kafa, shekara kaza an buɗe reshe. Kafin a kai shafi na goma, wasu sun fara hamma, wasu sun duƙufa a kan waya. Tarihin ba shi da laifi. Jerin shekaru ne ba ya zama a kai, labari kuwa yana zama.

Mu ɗauki misalin Kamfanin Gaskiya na Zariya. A majigi, abin da za a gani shi ne: 1933 gasar rubutu, 1939 jarida, 1945 kafa kamfani. Mai jawabi da ya san aikinsa zai fara ne da mutum da kuma matsalar da ta dame shi. Yara sun koyi boko, amma littattafan hira da za su karanta da Hausa sun yi ƙaranci. Saboda haka Rupert East ya shirya gasa a 1933, wadda ta fito da wani matashin malami a Katsina, Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja. Amma littafi ba ya kawo labarin yau da gobe, don haka a 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne edita. Da aiki ya bunƙasa, sai aka kafa masa kamfani a Tudun Wada a 1945.

Duba abin da ya ɗaure zancen: "amma" da "saboda haka". In ka ji bakinka yana ta maimaita "sannan kuma", to har yanzu jeri kake karantawa. Zaɓi mararraba uku kacal, wato inda aka yanke shawarar da ta sauya alkiblar kamfanin, ka bar sauran a takardar da za a raba. Kowane shafin majigi ya ɗauki hoto ɗaya da shekara ɗaya. In akwai tsohon kofen jarida ko rasit na farko, miƙa shi ya zagaya hannu zuwa hannu. Minti goma sun isa.

Sai dai a kiyaye ƙarin gishiri. Kada ka sa wa wanda ya kafa kamfani maganar da bai faɗa ba, kada kuma ka ɓoye shekarun wahala, domin tsofaffin ma'aikata za su ba da nasu labarin a wurin cin abinci. Tuntuɓe su tun kafin ranar.

Washegari ka ce wa sabon ma'aikaci guda ya maimaita abin da ya ji. In ya iya faɗin wane ne, me ya dame shi, me ya yanke, jawabinka ya shiga.