Wayoyi Biyu da Resistar da Ke Riƙe da Su

A 1982 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da wata hanya da ƙananan aisi da ke cikin talabijin za su riƙa magana da juna ta waya biyu kacal, maimakon tarin wayoyin da ke cinye fili a kan allon na'ura. Sunan hanyar I2C. Yau tana cikin wayar hannu da kwamfuta, kuma ɗalibin da ya sayi allon Arduino ya jona masa agogo ko ƙaramin allon rubutu, sau da yawa da ita yake aiki. Waya ɗaya, SDA, ita ke ɗaukar saƙo. Ɗayar, SCL, bugun agogo ce, tana nuna lokacin da za a karanta kowane bit. A Arduino Uno su ne ƙafafun A4 da A5.

Sirrin tsarin guda ne: babu na'urar da aka yarda ta tura wuta cikin waɗannan wayoyi. Abin da kowace ke iya yi shi ne ta ja wayar ƙasa zuwa sifilin bolt, ko kuma ta sake ta. Idan kowa ya saki, wata resista da ke tsakanin wayar da tushen wuta ce ke ɗaga ta sama. Ƙasa sifili ne, sama ɗaya ne. An yi haka ne don kada biyu su yi magana lokaci guda a samu ƙuna. Da wata za ta tura bolt 5 wata kuma tana ja ƙasa, da transistocinsu sun sha wuya. A nan kuwa, mai ja ƙasa ke rinjaye, babu abin da zai lalace.

To, tunda duka na'urorin suna kan wayoyi ɗaya, yaya kowace ke gane da ita ake? Shugaba, wato aisin da ke buga agogo, shi ke fara magana. Yakan ja SDA ƙasa alhali SCL tana sama, kowa ya natsu ya saurara. Sai ya aika adireshi mai bit 7. Wannan na ba da lambobi 128, amma an keɓe 16 don wasu ayyuka, saura 112. Bit na takwas shi ke cewa rubutu za a yi ko karatu: sifili rubutu, ɗaya karatu. Agogon DS3231, alal misali, adireshinsa 0x68. Idan aka haɗa da bit na takwas, abin da ke bi ta waya shi ne 0xD0 ko 0xD1, kuma wasu takardun bayanin aisi waɗannan lambobin suke bugawa. Wanda ya kwafi 0xD0 ya saka a shirin Arduino, wanda ke jiran adireshi mai bit 7, ba zai samu amsa ba. Wata matsalar kuma, na'urar auna motsi MPU6050 ita ma 0x68 take amsawa. In za su zauna tare da agogon, dole a kai ƙafarta AD0 sama ta koma 0x69.

Bugu na tara shi ne na fi so a tsarin nan. Bayan bit takwas, shugaba yakan saki SDA ya buga agogo sau ɗaya yana sauraro. Idan mai adireshin na nan, sai ta ja wayar ƙasa: na ji. Wannan ne ACK. Idan babu kowa, babu mai ja, resista ta bar wayar a sama, shugaba ya karanta NACK. Ke nan shiru ma amsa ce, kuma resistar ce ke isar da ita. Haka ake yi bayan kowane bit takwas, ba adireshi kaɗai ba, kuma idan shugaba ne ke karatu, shi ke ba da ACK, sai a ƙarshe ya ƙi bayarwa don ya nuna ya ƙoshi. Da wannan ake gano waɗanda ke kan layi:

```
Wire.beginTransmission(0x68);
byte e = Wire.endTransmission();
```

Idan `e` ya dawo 0, an amsa. Idan 2 ne, babu wanda ya karɓi adireshin.

Yanzu ga batun girman resistar. Kowace waya da kowace ƙafar aisi suna riƙe ɗan caji, kuma sai an cika wannan ma'ajin kafin bolt ya hau. Kamar randa ce da ake cikawa ta siririn bututu, ana kuma zubar da ita ta babban rami: zubarwa nan take, cikawa sai a hankali. Transista ke zubarwa, resista ke cikawa, kuma girman resista shi ne ƙanƙantar bututun. Ƙa'idar I2C ta ce a gudun bugu 100,000 a daƙiƙa, hawan kada ya wuce nanosakan 1000. A gudun 400,000 kuwa, nanosakan 300 kawai aka yarda. Ana lissafin lokacin hawan, daga kashi 30 zuwa kashi 70 cikin ɗari na wutar, da wannan:

```
tr = 0.8473 × Rp × Cb
```

`Rp` ita ce resista, `Cb` kuma yawan cajin da layin ke iya riƙewa, wanda ƙa'ida ta taƙaita a fikofarad 400.

Mu ɗauki Uno mai bolt 5, da agogo da allon rubutu da 'yan wayoyi masu ɗan tsawo, a ce duka sun kai fikofarad 200. Resista mai om 10,000 za ta ba da hawan kusan nanosakan 1700. Ta wuce iyaka ko a ƙaramin gudu. Mai om 4,700 na ba da kusan 800, ta isa a gudun 100,000. Amma a ɗaga gudun zuwa 400,000, sai ta gaza, domin a nan ana buƙatar om 1,770 ko ƙasa da haka. Alamar irin wannan ciwo ba ta ɓoyuwa ga wanda ya san ta: abu yana aiki da gajerun wayoyi, a ƙara tsawo ko gudu sai ya fara amsawa yau, gobe ya ƙi, ko agogo ya kawo lokacin da babu shi. A osiloskof, maimakon bugu mai kusurwa, za a ga gefen hawa ya lanƙwashe, wani lokaci bai kai sama ba an sake jan sa ƙasa.

Sai dai rage resistar ma yana da iyaka. Ƙa'idar ta ɗora wa aisi jan miliamfiya 3 ne kawai yayin da take riƙe wayar a bolt 0.4 ko ƙasa. A bolt 5, a cire 0.4 a raba da 0.003, a samu om 1,530 ko kusa. A bolt 3.3 kuwa kusan 970 ne. Ƙasa da haka, aisi mai rauni ba lallai ta iya kai wayar ƙasa sosai ba, kuma ACK ɗinta na iya rikiɗewa ya zama kamar shiru. Don haka a misalinmu, a babban gudu, filin da ya rage tsakanin 1,530 da 1,770 ne. Ƙunci ne sosai, kuma a ganina wanda ya tsinci kansa a nan gara ya gajarta wayoyi ko ya koma ƙaramin gudu.

Mutane kan faɗa ƙasa da iyakar nan ba tare da sun sani ba, domin yawancin ƙananan allunan da ake sayarwa suna zuwa da tasu resistar a manne. Idan aka jera su a layi ɗaya, resistocin na haɗuwa kafaɗa da kafaɗa, jimillarsu ta ragu. Uku masu 4,700 sun zama kusan 1,570, har yanzu da sauƙi. Na huɗu na shigowa ta faɗo 1,175. Gano wannan ba ya buƙatar osiloskof. A kashe wuta, a ɗora mita tsakanin SDA da ƙafar VCC, a karanta, sannan a yi wa SCL haka. Idan lambar ta yi ƙasa da iyaka, a ɗauko kan-wuta a cire resistocin wasu allunan, a bar biyu kawai a duk layin, ɗaya kan SDA ɗaya kan SCL.