VWAP: Farashin da Ke Wayewar Gari Sabo

A kasuwar hannun jari ta New York, masu saye da sayarwa a yini guda suna lura da layin VWAP, wato matsakaicin farashi gwargwadon yawan abin da aka sayar. A ce an sayar da hannun jari 100 kan dala 10, sannan 300 kan dala 12. Jimillar kuɗin 4,600 ce. A raba da 400, a samu 11.50, ba 11 ba, domin babban ciniki ya fi nauyi.

Kullum da ƙarfe 9:30 na safe lissafin yakan koma sifili. Shi ya sa layin ke rawa da safe, ya yi nauyi da yamma. Farashi na samansa, masu saye ke da rinjaye. Wasu sukan jira ya sauko ya taɓa layin kafin su saya. Ranar da kasuwa ta miƙe, sai su yi ta jiran gawon shanu.