Shimfiɗa Uku Masu Layi Ɗaya a Cikin Jikinmu

Hanyoyi da ramukan da ke cikin jikin ɗan Adam suna da shimfiɗar ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira efitiliyam. Mai layi ɗaya iri uku ce, kuma siffar ƙwayar ke bambanta su.

Sikwamos faifai ce, siririya, kamar ɓawon kifi, cibiyarta ma a baje take. Ita ta shimfiɗe jakunkunan iska na huhu da cikin jijiyoyin jini. Sirantarta ce ke ba iskar oksijin damar ratsawa zuwa jini nan take.

Kubodal kuwa tsayinta da faɗinta kusan ɗaya ne, cibiyarta zagayayya a tsakiya. Tana cikin ƙananan bututun ƙoda, inda take maido wa jini ruwa da gishiri da sukari, tana kuma cikin ƙullin tayirod da ke wuya.

Kolomna doguwa ce a tsaye, cibiyarta can wajen gindi. Ita ta lulluɓe tumbi da hanji. A ƙaramin hanji tana tsotse abinci, wasu ƙwayoyinta kuma na fitar da majina mai kare bango. A bututun da ke kai ƙwai mahaifa tana da gashi mai tura ƙwan gaba.

Idan aka duba a madubin likita, tsayin ƙwaya da mazaunin cibiyarta sun isa a gane kowacce.